Yadda ake gane ko af ɗinka yana raye bayan ka sake shi: masu dawowa, kirash, da inda mutane ke tserewa

Wata na biyu da muka saki af ɗinmu na rubuta bashi ga masu shaguna, lambar dawunlod ta haura dubu biyar, mu kuma sai murna, har tsire muka saya a Bauchi Road nan Jos muka ci a ofis. Bayan kwana uku na shiga wajen Terminus sayen caja, shagon wani Alhaji da ni da kaina na sa masa af ɗin a waya, sai ga shi yana rubuta bashin wata mata a tsohon littafinsa mai baƙin bango, biro ɗaure da zare. Na ce Baba ina af ɗin namu? Ya ce "yaro abin naku fitar da ni yake yi, da na ɗauki hoto sai ya koma waje, sau biyu na gwada na haƙura." Wallahi jikina yayi sanyi, domin a lissafinmu Alhaji yana cikin dubu biyar ɗin nan da muka ci tsire a kansu.

To abin da zan nuna maka kenan, yadda ake bin sawun rukuni ɗaya na mutane tun daga ranar da suka buɗe af har ka san nawa suka zauna, a ina sauran suka zube, kuma kirash ne, wato af ya mutu ya fitar da mutum waje, ya kore su ko wani abu daban. Da Android nake aiki, da Firebase, kayan aikin Google da ke tara bayanan amfani da af, da Play Console, inda ake sarrafa af a Play Store, don haka da su zan yi misali.

Mataki na farko: zaɓi aiki guda ɗaya da idan mutum yayi shi, to af ɗin ya amfane shi

Kafin ka buɗe wani dashbod zauna da takarda tukuna. Buɗe af ba amfani da af bane. Mutum zai iya taɓa shi bisa kuskure yana neman WhatsApp, ko ɗansa ya buɗe yana wasa da waya, duk za a ƙirga maka. A namu aikin shi ne rubuta bashi ko rubuta an biya. Idan naka na odar abinci ne a Abuja to aikin shi ne kammala oda, ba leƙa jerin abinci ba. Guda ɗaya, kar ka ce uku, don duk lissafin da zai biyo baya a kansa zai rataya.

Daga nan sai ka rubuta matakan da sabon mutum zai taka kafin ya kai ga aikin. Namu biyar ne a lokacin: ya buɗe af, ya sa lambar waya, ya shigar da lambar da aka turo masa ta tes, ya ɗauki hoton shagonsa, sannan ya rubuta bashin farko. Kowane mataki ka ba shi ibent nasa, wato saƙon da af ke tura wa Firebase cewa an yi abu kaza. Na farkon kyauta ne, Firebase da kansa yake tura first_open, haka ma session_start da app_update da app_remove a Android. Sauran kai zaka sa:

```kotlin
firebaseAnalytics.logEvent("rubuta_bashi") {
    param("hanya", "sabon_kwastoma")
}
```

Sunan ibent kar ya wuce haruffa 40, ya fara da harafi, ba tazara, kuma ka bar su ƙ da ɗ a gefe ka yi da haruffan da ba su da lanƙwasa. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya bane a wajensa, Rubuta_bashi da rubuta_bashi ibent biyu ne daban, mun taɓa yin wannan shirmen muka raba lissafinmu gida biyu na tsawon sati. Sannan ka tura ibent ɗin bayan aikin ya kammala, wato bayan bashin ya zauna a ma'ajiya, ba lokacin da aka danna maɓalli ba. In ka sa shi a kan dannawa, mutumin da af ya maƙale masa ya danna sau shida zai fito maka kamar babban kwastoma.

Abu ɗaya don Allah, kar ka tura lambar wayar mutum ko sunansa ko sunan wanda yake bi bashi cikin ibent. Dokar Google Analytics ta hana, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Kuma ai ba ka buƙatarsu, so kake ka san mutum nawa ne suka rubuta bashi, ba wa ake bi ba.

Gwada kafin ka yarda. Waya tana tara ibent ne ta tura su a dunƙule wajen bayan awa guda don kar ta ci batir, to in kana so ka gansu nan take sai ka haɗa wayar da kwamfuta ka buga:

```
adb shell setprop debug.firebase.analytics.app com.misali.bashi
```

Ka sa sunan fakej ɗin naka a madadin wannan, ka buɗe DebugView a Firebase, ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya kana kallon suna faɗowa. In wani ya faɗo sau biyu ko bai faɗo ba sam, yanzu ne lokacin gyara. In ka gama ka sake buga umarnin da .none. a wurin sunan fakej don ya kashe.

Akwai saiti biyu da ake mantawa kuma daga baya a yi da-na-sani. A Google Analytics ɗin da ke haɗe da Firebase naka, shiga Admin ka nemo Data retention, zaka tarar an bar shi a wata 2, mayar da shi wata 14, in ba haka ba ranar da kake son kwatanta watan azumi da wata huɗu baya zaka ga wayam a Explore, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Na biyu ka duba agogon rahoton yana kan lokacin Najeriya, don in yana kan na wata ƙasa, wanda ya rufe shago da daddare ya rubuta lissafinsa zai iya faɗawa wata ranar daban.

Mataki na biyu: ƙirga masu dawowa, amma da rukuni

Nan ne asalin maganar. Yawan masu amfani na yau da gobe yana ruɗi, saboda sababbi suna rufe gurbin waɗanda suka gudu. Kamar randa ce mai yoyo kana ta zuba mata ruwa, muddin kana talla a rediyo ko Facebook zaka ganta cike, ranar da kuɗin talla ya ƙare zaka san gaskiya. Maganin shi ne ka ware mutanen da suka fara buɗe af a sati guda, ka rufe ƙofa, kar ka ƙara kowa a cikinsu, sai ka dinga leƙa su sati bayan sati.

A Google Analytics ka shiga Explore ka zaɓi Cohort exploration. A Cohort inclusion ka sa first_open. A Return criteria, nan ne mutane ke faɗawa rami, in ka bar shi a Any event duk wani motsi za a ƙirga shi dawowa ne, to ka canza ka sa ibent ɗinka na aiki, mu rubuta_bashi. Calculation ka bar shi a Standard, wato kowane sati ana ƙirga wanda yayi aikin a cikin satin ko da ya tsallake na baya. Rolling kuma sai wanda bai taɓa tsallake ko sati ɗaya ba, lambar tana fitowa ƙarama sosai ta tayar maka da hankali a banza.

Zaka ji ana ta maganar rana ta 1, rana ta 7, rana ta 30, wato cikin waɗanda suka sa af ɗin yau mutum nawa suka buɗe shi a daidai wannan ranar. Yana da kyau ga gem ko af ɗin hira da ake shiga kullum. Amma mai shago fa? A Jos wani ba ya buɗewa ran Lahadi, wani ran Juma'a rabin yini yake yi, mai kayan gwari a Farin Gada kuwa harkarsa ta danganta da ranar da mota ta sauke kaya. In rana ta 7 ta faɗo ranar da shagon ke rufe sai ka rubuta mutum ya gudu alhali yana nan. Shi ya sa na koma na sati-sati, ka sa Cohort granularity a Weekly, ka dai sani satinsu daga Lahadi zuwa Asabar yake. Ka tambayi kanka sau nawa mutum na gaskiya yake buƙatar abin nan, af ɗin biyan kuɗin haya ko na makaranta ai ko sati ma yayi masa kaɗan.

Ga namu. Rukunin da na ɗauka mutum 400 ne. A satin farko 150 ne suka rubuta bashi ko da sau ɗaya. Sati na gaba 64. Lissafin ba wuya, 64 raba 400 sau 100, kashi 16 cikin ɗari. Sati na uku 52, na huɗu 48, na biyar 47. Ka lura da abin da ya faru a ƙarshe, layin ya sauko da ƙarfi sannan ya kwanta. Kwanciyar nan ita nake nema fiye da komai, tana nufin akwai mutane wajen 47 da af ɗin ya zame musu littafi na gaske. Da a ce ya ci gaba da gangarowa 64, 40, 22, 9, to ba gyaran kirash ne zai cece mu ba, abin ne kawai ba a so, kuma gara mutum ya sani da wuri.

Sai kuma ka sake raba lambar ta wata fuska. 64 cikin 400 kaɗan ne, amma kusan dukkansu daga cikin 150 ɗin nan suke da suka kai ga rubuta bashin farko, wato sama da kashi 40 na wanda ya ɗanɗana ya dawo. Kaga ashe matsalar ba a cikin ɗaki take ba, a bakin ƙofa take, mutum 250 ba su ma taɓa ganin amfanin af ɗin ba suka tafi.

Hattara da abu uku da ke gurɓata wannan lissafin a wajenmu. Wayar mutanenmu kullum a cike take, mutum zai goge af don ya sami wurin bidiyon biki, bayan kwana huɗu ya sake sa shi, Firebase zai sake tura first_open ya ɗauke shi sabon mutum, tsohon kuma ya zama wanda ya gudu. Don haka in kana da rijista ka riƙa kwatanta da lambobin sabarka, ita ta san asusu ɗaya ne. Na biyu data. In mutum ba shi da data ibent suna zaune a wayarsa har ya kunna, amma wanda ya iso bayan awa 72 da faruwarsa Analytics ba ya karɓa, to mai shagon da ke sayen data sau ɗaya a sati yana aiki da af ɗinka kullum kai kuma kana ganin rabin aikin. Saboda haka ma kar ka yanke hukunci da lambobin jiya ko shekaranjiya, ba su gama isowa ba. Na uku ƙanƙantar rukuni, in mutum 50 ne kacal kowane mutum ɗaya kashi 2 ne, mutum uku su tafi ƙauye biki sai ka ga ka faɗi da kashi 6 ka hana kanka barci. Haɗa sati biyu ko wata guda in mutanenka ba su da yawa.

Mataki na uku: nemo matakin da ake zubewa

Koma Explore, wannan karon Funnel exploration, mazurari kenan, sama faɗi ƙasa tsuke. Ka jera ibent ɗinka bi da bi yadda ka rubuta su a takarda, ka sa kwanakin rukunin nan dai. Namu ya fito haka: 400 suka buɗe, 330 suka sa lambar waya, 290 suka shigar da lambar tes, 170 suka wuce hoton shago, 150 suka rubuta bashi.

Kowa a ofis yana rantsuwa cewa tes ne matsalar, wai netwok yana jinkirta shi mutane su gaji. Eh ana asarar 40 a wurin, amma dubi hoto, daga 290 zuwa 170, mutum 120 a mataki ɗaya, kashi 41 na waɗanda suka iso wurin. Mutumin da ya jure ya sa lamba, ya jira tes, ya kwafa, ba haka kawai zai juya a kan hoto ba.

Mazurari yana gaya maka ina ne, ba ya gaya maka me ya sa. Don ka matso kusa da dalili sai ka sa Breakdown. Na fara da Device model, na kwashe jerin na zuba a takardar lissafi na raba wayoyin gida biyu da hannu, masu RAM 2GB zuwa ƙasa da kuma sauran, aiki ne na gajiya don sai ka bincika kowace waya amma yini ɗaya ne. Cikin 290 ɗin, 130 ƙananan wayoyi ne kuma 35 kawai suka wuce hoto, kashi 27. Sauran 160 kuwa 135 suka wuce, kashi 84. Da rashin son hoto ne kawai da lambobin biyu sun yi kusa da juna, mai babbar waya da mai ƙarama ai kunyarsu ɗaya. Wani abu ne ke faruwa a cikin wayar.

Mataki na huɗu: karanta kirash yadda ya kamata

Abin haushin shi ne Crashlytics, ɓangaren Firebase da ke kawo rahoton kirash, yana nan tun ranar farko, kuma kullum ina leƙawa. Crash-free users, wato waɗanda af bai mutu a hannunsu ba, yana nuna kashi 97 na sati, ni kuma ƙwaƙwalwar ɗan makaranta, 97 ai ya ci jarabawa har da kyauta. To a nan ba haka bane. Mutum 2,000 suka buɗe af a satin, kashi 3 mutum 60 kenan da af ya mutu a hannunsu. Kuma tsofaffin masu amfani, waɗanda sun riga sun wuce hoto tuntuni ba za su sake ganinsa ba, su ne suka cika lissafin suka ɓoye ciwon. Da na buɗe jerin matsalolin, 52 cikin 60 ɗin abu guda ne, a sikirin guda.

Ga yadda nake karanta shi yanzu. Na farko tace da sigar af ta ƙarshe, kar ka gauraya da tsofaffi. Na biyu kalli yawan mutanen da matsala ta shafa, ba yawan sau nawa ta faru ba, don waya ɗaya mai matsala zata iya yin kirash sau ɗari ta hau saman jeri, alhali wata matsalar ta kori mutum hamsin sau ɗai-ɗai. Na uku buɗe matsalar ka duba rabon wayoyi da sigar Android, in ka ga ta taru a gefe ɗaya ka kama bakin zaren. In kuma ka buɗe ka ga sunaye irin a.b.c maimakon sunan fayil da layi, to fayil ɗin mapping na R8, wanda ke mayar da gajerun sunayen zuwa na asali, bai hau ba, duba fulogin ɗin Crashlytics a Gradle, shi ke tura shi lokacin da kake haɗa sigar fitarwa.

Ka kuma taimaki kanka da alama, duk sikirin da mutum ya shiga ka rubuta:

```kotlin
Firebase.crashlytics.setCustomKey("mataki", "hoton_shago")
```

Duk kirash da ya zo zai zo da matakin da mutum yake, sai ka haɗa shi da mazurari kai tsaye ba hasashe.

Namu dai UninitializedPropertyAccessException ne, kuma laifinmu ne ɗari bisa ɗari, ba na waya ba. Idan af ya buɗe kyamara, shi yana komawa baya ne kyamara ta hau gaba. A wayar da RAM ɗinta kaɗan ne Android yakan kashe na bayan don kyamara ta sami wuri, wannan halinsa ne kuma a rubuce yake. Mutum ya ɗauki hoto ya danna ya yarda, Android ya sake tayar da af ɗinmu daga farko ya miƙa masa sakamako, mu kuma adireshin fayil ɗin hoton a lateinit var muka ajiye shi, ya tafi da mutuwar farko, sai af ya nemi abin da babu ya faɗi. Mu duka a ofis manyan wayoyi ne a hannunmu shi ya sa ba wanda ya taɓa gani. In kana so ka gani da idonka, shiga Developer options ka kunna Don't keep activities ka bi matakin, a tawa wayar bugu ɗaya ya faɗi. Gyaran bai kai layi goma ba, ajiye adireshin a onSaveInstanceState ko SavedStateHandle.

Amma dubi wani abu, ƙananan wayoyi 95 suka zube a matakin, rahoto 52 muka samu. Ina sauran? Crashlytics ba ya tura rahoton kirash sai an sake buɗe af ɗin kuma da netwok. Wanda ya fusata ya goge nan take, ko bai sake taɓawa ba, rahotonsa ya tafi da shi. Wasu kuma ƙila hoton ne dai ba sa so. Ma'ana lambar da kake gani ita ce mafi ƙaranci, ta gaskiya ta fi haka, musamman kirash ɗin da ke kama sababbi.

Shi ya sa ake haɗawa da Android vitals a Play Console. Shi daga tsarin wayar yake samun labari, kuma shi ne Google ke dubawa don yanke maka hukunci. Iyakar da suka sa: in User-perceived crash rate ya wuce kashi 1.09 na masu amfani a rana, ko User-perceived ANR rate, wato na hangin, ya wuce kashi 0.47, ka shiga layin masu mugun hali, za su iya rage nuna af ɗinka a Play. A kan samfurin waya guda kuma iyakar kashi 8 ce, ka wuce ta za a iya manna gargaɗi a shafin af ɗinka ga masu irin wannan wayar. Kwana 28 na baya suke dubawa, don haka ko ka gyara yau tabon ba ya gogewa gobe. Kar ka kwatanta 1.09 ɗin nan kai tsaye da 97 na Crashlytics, wancan na rana-rana ne, wannan na tsawon kwanakin da ka zaɓa ne, kuma duk yadda ka faɗaɗa kwanakin Crash-free users sauka yake yi tunda kowa ya sami ƙarin damar haɗuwa da kirash.

Android vitals shi ma yana da makanta irin tasa, kuma ta fi shafarmu a nan. Waɗanda suka sauke daga Play kuma suka yarda wayarsu ta tura bayanan amfani kawai yake gani. Mu kuwa wani ya sauke, ya tura wa maƙwabcinsa ta Xender, shi ma ya tura wa ƙaninsa, layin shaguna guda a Katako zai iya zama da af ɗinka Play bai san da su ba. Yawanci kuma su ne masu ƙananan wayoyin, su ne kuma ke maƙale a tsohuwar siga ba afdet. Crashlytics yana ganinsu tunda a cikin af ɗin yake. Kowanne yana ganin abin da ɗayan bai gani ba, duba duka biyun.

ANR kuwa shi ne abin da mutanenmu ke cewa ya yi hangin, an taɓa sikirin wajen daƙiƙa 5 af bai amsa ba sai waya ta fito da tambayar a rufe ko a jira. Yawanci wani aiki mai nauyi ne aka ɗora a babban zare, karanta ma'ajiya ko jiran netwok. Crashlytics yana nuna su ne daga Android 11 zuwa sama, na tsofaffin wayoyi sai a Android vitals.

Mataki na biyar: saki gyara a hankali, ka sake aunawa da sabon rukuni

Kar ka watsa afdet ga kowa lokaci ɗaya. A Play Console akwai staged rollout, ka sa kaso kaɗan tukuna, ni da kashi 20 na fara don mutanenmu ba su da yawa, in na sa 5 sai na yi sati ban ga komai ba. Ka tace Crashlytics da sabuwar sigar ka zuba ido kwana biyu uku, in tsohuwar matsalar ba ta fito ba kuma ba sabuwa, ka ƙara. In abu ya ɓaci ka danna Halt rollout, sai dai waɗanda suka riga suka karɓa suna nan da ita har ka fitar da wata.

Bayan sabuwar sigarmu ta kai ga kowa na ɗauki sabon rukuni, mutum 380, na tace da sabuwar siga kaɗai don kar 'yan Xender masu tsohuwa su shigo. A sati na biyu 95 suka rubuta bashi, kashi 25, daga 16. Amma bari in faɗi gaskiya, mun yi kuskure ɗaya, a afdet ɗin mun gyara kirash kuma mun ƙara maɓallin tsallake hoto lokaci guda, to har yau ba zan iya rantsuwa nawa ne na gyara nawa ne na maɓalli ba. In zaka iya, canji ɗaya a afdet ɗaya. Ka kuma duba kalanda kafin ka yabi kanka, rukunin da ya shigo ana saura sati Sallah ko Kirsimeti, lokacin da ciniki da bashi ke tashi, ba a kwatanta shi da na tsakiyar wata da aljihu ya bushe. Haka wanda ka je shagonsa ka sa masa da hannunka ba ɗaya yake da wanda ya danna talla ba.

Yanzu duk Litinin da safe kafin in taɓa kod, lamba huɗu nake cikewa a takardar lissafi, layi ɗaya kowane sati: sababbi nawa, nawa suka kai ga bashin farko, kashi nawa na rukunin sati biyu baya suka dawo suka rubuta, da Crash-free users na sigar ƙarshe. A gefe kuma ina rubuta abin da ya faru a satin, afdet ne, talla ce, hutu ne, don bayan wata uku ba zaka tuna ba. Mun kuma sayi ƙaramar waya mai 2GB ta hannu, tana cikin durowa, ba afdet ɗin da ke fita sai ya bi ta kanta.

Alhaji kuwa na koma na sa masa sabuwar sigar da kaina, ya tsallake hoton, ya rubuta bashin kwalin ashana biyu a gabana, ya ce "to Allah Ya yi albarka, amma littafin nan dai ba zan yar ba tukuna." A lissafin Firebase yanzu sabon mutum ne, don ya riga ya goge na farkon tuntuni.